Wasiƙar da na rubuta wa yayana sau biyu

A garuruwanmu na Madawa, Buza da Keita, malamin lakwal ba alli kaɗai yake riƙewa ba. Shi ne magatakardan unguwa. Wanda zai nemi aiki, wanda zai kai ƙara, wanda ɗansa ya turo takarda daga Abijan ko Libiya, duk ƙofar mushe suke ƙwanƙwasawa. Na fi shekara 15 ina wannan aiki kyauta, har na ɗauka babu wasiƙar hukuma da za ta gagare ni. Bara wata ƴar gajeruwar imel zuwa banki ta nuna mini iyakata, kuma wanda ya biya kuɗin karatun nan nawa shi ne mutumin da ya fi kowa haƙƙi a kaina.

Yayana ya bar lakwal tun yana aji uku. Da mahaifinmu ya rasu, shi ya bi ƴan cin rani zuwa Abijan, ni kuma na zauna a kan benci. Kuɗin da yake aikowa ne suka kai ni har makarantar horon malamai ta Tawa. Ya yi dako, ya yi tallan takalma a Ajame, daga baya ya samu aikin gadi a wani sito a Yopugon, albashi jika 90 a wata. Daga ciki yake ciyar da iyalinsa da Inna a ƙauyenmu na ƙasar Buza.

Shekara da shekaru a hannu ake ba shi albashi. Sai kamfanin ya ce daga watan Maris ba wanda za a biya sai ta banki, kowa ya kawo takardar da ake kira `RIB`. Takarda ce guda ɗaya mai ɗauke da sunan mai asusu da jerin haruffa da lambobi 24: biyar na banki, biyar na reshe, 12 na asusun kansa, biyu na tabbatarwa. Haka tsarin yake a duk ƙasashe takwas masu amfani da sefar Afirka ta Yamma. In babu ita, mai biyan albashi bai san ramin da zai zuba kuɗin ba.

Ranar 11 ga Maris Yaya ya je wani banki ya kai abin da aka nema: katinsa na ofishin jakadanci, takardar shaidar aiki daga kamfani, shaidar wurin zama da hotuna. Aka ba shi ɗan rasit, aka ce ya dawo bayan mako. Ya koma sau huɗu. Kullum amsa ɗaya ce: ana kan aiki. Maris ya ƙare, abokan aikinsa suka ɗauki albashi, nasa yana kwance.

Ranar 8 ga Afrilu ya turo mini saƙon murya ta WhatsApp, minti shida cur. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya ce: "Malam, kai ne ka yi karatu. Ka rubuta musu. Ka gaya musu ni ba ɓarawo ba ne, kuma ba sadaka na zo nema ba. In ba su so su mayar mini da takarduna."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, wasiƙar hukuma ba a yin ta da zafin rai. A wannan kam ina da gaskiya. A sauran duka kuskure na tafka.

Na zauna da dare na rubuta irin wadda aka koya mana, wadda muke rubuta wa sufeton makarantu in muna neman hutu ko sauyin wurin aiki. Na buɗe da "ina mai alfahari da girmamawa", na roƙi "babbar alfarmar" shugaban banki, na ba da labarin Inna da ƴaƴa biyar, da tsadar hatsi, da yadda daminar bara ba ta yi kyau ba. Ta kai shafi ɗaya da rabi. Na aika daga adireshina zuwa adireshin da na gani a shafin bankin, na sa mata kai: neman taimako. Na kwanta ina jin daɗin faransancina.

Mako ɗaya shiru, mako biyu shiru. Afrilu ma ya ƙare, albashi na biyu ya bi na farko. Yaya ya fara cin bashi wurin mai shagon unguwarsu. A gida rumbu ya yi ƙasa, ga damina tana tafe. Na aika abin da na iya daga nawa albashin, bai isa ba, Inna ta sa aka kai awaki biyu kasuwa a lokacin da dabba ba ta da nama kuma ba ta da daraja.

Wadda ta buɗe mini ido uwar wata ɗalibata ce, ma'aikaciyar banki a nan Madawa. Ta zo ɗaukar ƴarta, na nuna mata wasiƙar a waya, ina jiran ta ce mutanen Abijan ba su da kirki. Ta karanta har ƙarshe, ta ɗago kai ta ce: "Malam, faransancin ya yi kyau. To amma da a teburina ta faɗo, me kake so in yi da ita?"

Na ce a ba shi takardarsa mana.

Ta ce: "Wane reshe? Wace rana ya kai takardun? Ina lambar dosiye? Kuma kai wane ne? Sunan da ke kan imel ɗin ba shi ne sunan mai asusun ba. Ni ba ni da izinin in gaya wa wani mutum a Nijar halin da takardun wani suke ciki a Abijan, ko da uwa ɗaya ta haife su."

Daga nan ta bayyana mini abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba. Wanda yake buɗe irin wannan akwati ba shugaban banki ba ne. Ƙaramin ma'aikaci ne da saƙonni suka yi masa yawa, aikinsa ya duba kan saƙo ya tura wa wanda abin ya shafa. In kan saƙon bai faɗi irin matsalar da reshen ba, bai san wa zai tura wa ba, sai ya bar shi a gefe. In ya tura, wanda ya karɓa zai nemi dosiye a na'ura, na'ura kuwa lamba ta sani, ko suna kamar yadda aka shigar da shi harafi bayan harafi. Labarin Inna zai iya sosa masa rai, amma babu gurbin da zai buga shi ya samu amsa.

Ta ƙara da abin da ya fi duka amfani. Ta ce buɗe asusu ba ya ɗaukar wata biyu haka kawai. In dosiye ya tsaya, yawanci a ofishin da ke tantance ko mutum shi ne wanda ya ce shi ne ya maƙale, domin doka ta hana banki buɗe asusu matuƙar akwai saɓani a takardun shaida. Mai zama a kanta ba ya ganin dalilin, abin da allonsa ya nuna masa yake maimaitawa. Saboda haka kada in roƙi a hanzarta. In tambayi abin da ya tsayar da shi.

A daren nan na kira Yaya. Na ce ya nemo rasit ɗin nan. Ashe yana cikin leda tare da katinsa, bai taɓa nuna shi a kanta ba tun ranar da aka ba shi. Ɗan maƙwabcinsa, ɗalibin sakandare, ya buɗe masa adireshin imel da sunansa a wayarsa, ya ɗauki hoton rasit da na kati gaba da baya, a shimfiɗe, da hasken rana, yadda kowace kusurwa ta fito. Ya kuma je reshen ya kwafo adireshin sashen karɓar ƙorafi daga allon sanarwa, da sunan ofishin mai kula da dosiyen.

Kan saƙon kaɗai ya ɗauke ni lokaci fiye da dukan wasiƙar farko. Ga yadda ya fita, ban da lambar:

```
Objet : Réclamation - RIB non délivré - dossier n° ... du 11 mars - agence de Yopougon
```

Kalmar farko ita ce mabuɗi. Tana nufin ƙorafi, kuma a banki ƙorafi yana da rajistarsa da mai bin sawunsa, ba kamar neman alfarma ba, wanda in an ga dama a amsa, in ba a ga dama ba a yi shiru.

Cikin saƙon kuwa, ga shi da Hausa kamar yadda na karanta wa Yaya ta waya kafin a aika:

"Ranka ya daɗe, ko ranki ya daɗe. Ni ne wane ɗan wane, mai katin ofishin jakadanci lamba kaza. Ranar 11 ga Maris na ajiye takardun buɗe asusun albashi a reshenku na Yopugon, an ba ni rasit mai lamba kaza. Yau 2 ga Mayu, kwana 52 ke nan, ban samu takardar lambar asusuna ba. Kamfanin da nake wa aiki ba zai iya biyana sai da ita, kuma albashina na Maris da Afrilu suna tsaye. Ina roƙon ku sanar da ni a rubuce: shin akwai takardar da ta rage ko wadda take buƙatar gyara? In akwai, wace ce? In babu, wace rana zan zo in karɓa? Ana rufe lissafin albashi a wurin aikina ranar 20 ga wata, shi ya sa nake fatan samun amsa kafin 10 ga Mayu. Na haɗa hoton rasit da na katina. Ga lambar wayata. Ku huta lafiya."

Da na gama sai ya yi shiru, sannan ya ce: "Shi ke nan? Ba ka faɗi maganar Inna ba?" Na ce ban faɗa ba. Ya ce: "Gara haka. Wannan ta yi kama da maganar mutum mai aikin yi." A nan ne na gane cewa da na karanta masa ta farko, da bai yarda a aika ba. Na rubuta roƙo da sunan mutumin da ya ce mini ƙarara shi ba bara yake ba, kuma ban ko tambaye shi ba.

Kowane layi a wasiƙar nan yana da aikinsa. Suna da lambar kati suna nuna mai magana shi ne mai haƙƙin tambaya. Rana da reshe da lambar rasit su ne igiyar da za a jawo dosiye da ita. Adadin kwanaki yana faɗin girman jinkirin ba tare da an zagi kowa ba. Asarar da ake yi ta samu jimla ɗaya tak, kuma wadda banki zai iya tabbatarwa ce, wato albashi. Tambayar an yanka ta yadda ba a iya amsa ta da "ana kan aiki": ko dai akwai abin da ya rage a faɗe shi, ko babu a ba da rana. Wa'adin kuma yana da dalili, ba barazana ba ce.

Yaron ya aika daga wayar Yaya zuwa sashen ƙorafi, ya sa adireshin reshen a gurbin `Cc`. Washegari Yaya ya buga saƙon a takarda kwafi biyu, ya kai reshen, ya bar ɗaya, aka buga masa hatimi da kwanan wata a ɗayan. Wannan ma shawarar matar ce: imel yana iya ɓata, takarda mai hatimi a aljihunka ba ta ɓata.

Ranar 6 ga Mayu amsa ta zo, layi uku. Sunan da ke kan takardar shaidar aiki bai dace da na katin ba, ranar haihuwa ma haka. Sun kira lambar da ke kan fom sau biyu a watan Maris ba su same shi ba. Ya zo da takardar da aka gyara.

Na ce a turo mini hoton takardun biyu, na ajiye su gefe da gefe kamar ina gyaran jarrabawa. Abin da ya tsayar da albashin wata biyu yana nan a fili, kuma tun 8 ga Afrilu zan iya ganinsa da na nema.

Mu a nan ba mu da sunan dangi irin na Turawa. Mutum sunansa ne da sunan mahaifinsa. Fom ɗin faransanci kuwa gurbi biyu gare shi, `Nom` da `Prénom`, kuma kowane magatakarda yana cika su yadda ya fahimta. A katin Yaya sunan mahaifinmu yana gurbin farko, an rubuta shi `Aboubacar`. A takardar kamfani sunan Yaya ne a gurbin farko, na mahaifinmu kuma ya koma `Boubacar`, yadda mai rubutun ya ji a baki shekarun baya. A kunnenmu Abubakar da Bubakar mutum ɗaya ne, kamar yadda Mahamadu da Mamman suke. A na'ura mutum biyu ne.

Ranar haihuwa ma haka. An haifi Yaya a gida, ba a yi masa takarda ba sai da ya girma, ta hanyar hukuncin alƙali, wanda ya rubuta `né vers 1976`, wato wajajen shekarar. Da aka zo yin kati, na'ura tana son rana da wata, sai ya zama 01/01/1976, kamar dubban ƴan ƙasarmu da takarda ta ce ranar farko ta shekara aka haife su. Takardar kamfani kuwa 1978 ta ce, don abin da ya faɗa da baki ke nan ranar da aka ɗauke shi aiki. Lambar wayar da ke kan fom kuma ta abokin da ya cika masa fom ɗin ce, wanda ya dawo gida tun kafin ƙarshen Maris.

Gyaran bai kai wahalar jiran ba. Yaya ya kai katinsa ofishin ma'aikata na kamfanin, aka sake buga takardar shaidar aiki ana kwafa daga katin harafi bayan harafi. Ya kai banki ranar 9 ga Mayu, ya karɓi takardarsa ranar 14, ya miƙa ta kafin a rufe lissafi. Ƙarshen Mayu aka zuba masa albashin wata uku, jika 270. Ya biya mai shago, ya aiko da kuɗin hatsi da na iri kafin shuka. Awakin Inna dai sun tafi. Tsakanin wasiƙata ta farko da ta biyu kwana 24 ne, kuma waɗannan kwanaki ba na ɗora su a kan banki. Nawa ne.

Kada wani ya ɗauka imel maganin kowane jinkiri ne. Tamu ta ci ne don akwai rasit a hannu, kuma matsalar ƙarama ce da kamfani zai iya gyarawa da bugu ɗaya. Da a takardar haihuwa kanta kuskuren yake, da sai an dawo gida an bi ta kotu, abin da ba wasiƙar da za ta gajarta. Da katin ya ƙare aiki, da sai an sabunta shi tukuna. Kuma da sun yi shiru, mataki na gaba shi ne a sake turawa a ƙarƙashin saƙon farko, don kwanan watansa ya fito, sannan a kai kwafin mai hatimi ga hukumar sa ido kan ingancin ayyukan kuɗi ta ƙasar, wadda ake kira OQSF, mai shiga tsakanin banki da abokin hulɗarsa. Abin da ba a yi shi ne biyan wani a ƙofa don ya "tura" dosiye. Tun Oktoba 2014 babban bankinmu, BCEAO, ya sa buɗe asusu da shigar da albashi cikin ayyukan da bankuna ke yi kyauta. Haka kuma lambar sirri ta katin cirar kuɗi ba ta shiga imel, ko wa ya tambaya.

Tun daga lokacin na rubuta wa wasu ƴan cin rani irin wannan wasiƙa, har da masu jiran kati ko fasfo a ofishin jakadanci, kuma ƙashin bayanta bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne yadda nake farawa. In mutum ya zo ko ya kira, ba na taɓa alƙalami sai na ga rasit da dukan takardun da ya bayar, na jera su, na bi suna da kwanan wata da yatsa. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa, ba a ma kai ga wasiƙa ba. In an rubuta kuma, sai na karanta wa mai ita da Hausa ya ce ya yarda, kuma daga wayarsa take fita, ba daga tawa ba.

A ajina ma na ƙara wani abu da ba ya cikin manhaja. Farkon shekara, in ana haɗa takardun ƴan ajin ƙarshe, ina sa kowane yaro ya kwafi sunansa daga takardar haihuwarsa a bangon littafinsa, da jerinsa da harafinsa, in ce masa wannan ne sunanka a gaban hukuma har ka mutu. Na san da yawa daga cikin yaran nan za su hau motar Abijan kafin su yi gemu, kuma wani ne zai cika musu fom.

Yaya ya zo gida da babbar salla. Muna zaune a zaure da dare ya ciro ledar nan, ya nuna mini kwafin mai hatimi, ya ninke shi tare da katinsa. Ya ce yanzu ƴan garinmu uku a Yopugon sun ara sun kwafa, suna sauya suna da lamba kawai. Na ce to su dai riƙa duba harafin sunan kafin su aika. Ya yi dariya ya ce: "Malam, wannan karatun ai mun riga mun biya kuɗinsa. Awaki biyu."